Ranar da za ka tsaya gaban ma'aikatanka ka ce laifinka ne

Ƙannena maza da mata, da yawanku yanzu kun fara riƙe mutane. Wani an ba shi reshen kamfani, wata an ɗora ta kan ɗakin magani na asibiti, wani kuma shi ne manaja a injin casar shinkafa, mutum talatin suna jiran umarninsa kowace safiya. Duk wanda ya daɗe a irin wannan kujera, wata rana zai yanke hukuncin da zai jawo asara, kuma sau da yawa ba a kansa asarar za ta fara sauka ba. A kan na ƙasa da shi za ta sauka. Abin da nake so mu tattauna shi ne minti uku ko huɗun da zai tsaya gabansu ya nemi gafara da bakinsa: me zai faɗa, me zai bari, me kuma ya wajaba ya gama kafin ya buɗe baki.

Ku fara riƙe wannan, domin a kansa sauran maganar ta ginu. Neman gafarar wanda yake ƙarƙashinka ba ɗaya ba ne da neman gafarar aboki. Aboki yana iya juya maka baya ya ce bai yafe ba. Ma'aikacin da albashinsa da hutunsa da ƙarin girmansa suke hannunka ba zai iya ba. Kafin ka rufe baki zai ce, "Ba komai, yallaɓai, ya wuce," ko da zuciyarsa tana tafasa. Saboda haka amsarsu ba ma'auni ba ce. Ma'aunin jawabinka shi ne abin da ka mayar musu na haƙƙinsu, da nauyin da ka sauke daga kansu ka ɗora wa kanka a bainar jama'a.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce kai ne manajan wani injin casar shinkafa a gefen Kano. Kaka ta yi, dillalai sun kawo tirela biyu na shanshera, buhu 600, a farashi mai sauƙi. Dattijon da yake kula da sito, wanda kowa yake kira Baba, ya soka na'urar auna danshi a buhuna da dama, ta nuna 19 cikin ɗari. Duk mai wannan sana'a ya san shanshera ba ta ajiyuwa sai danshinta ya sauko zuwa 14 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Baba ya ce maka kada a sauke, ko kuwa a shanya kafin a jibge, tunda injin busarwa a cike yake. Kai kuma kana tsoron farashi ya tashi, ka ce a sauke a jera, za a casa cikin kwana biyu. Kwana biyu suka zama goma. Ranar da aka zura hannu cikin buhunan tsakiya sai aka ji zafi kamar an ɗora a murhu, warin fumfuna ya cika sito, ƙwayar ta fara komawa rawaya. Aka tsare mutane dare uku suna kwashewa suna shanyawa, duk da haka kusan buhu 200 suka tashi daga shinkafar da za a kai kasuwa da sunan kamfani.

Da a nan abin ya tsaya, da asara ce kawai. Amma mai kamfani ya kira ka a waya yana faɗa, kai kuma ka fito ka sauke fushin a kan Baba a gaban yaran da ya haifi kamarsu. Ka ce bai iya jera kaya ba. Ka ba shi takardar tuhuma, ka soke alawus ɗin ƙarshen wata na kowa da kowa. Yanzu mako ya wuce, hankalinka ya dawo jikinka, ka ga abin da ka yi.

Kuskure biyu ke nan, kuma na biyun ya fi ciwo. Manajoji da yawa suna neman gafara a kan na farko kaɗai, domin asarar kaya abu ne da ake iya faɗa ba tare da jin kunya sosai ba. Ma'aikata kuwa ba buhu 200 ne ya hana su barci ba. Abin da suke tattaunawa a wurin mai shayi shi ne yadda aka ci mutuncin dattijon da ya faɗi gaskiya, da kuɗin da suka riga suka yi lissafi da shi. Jawabin da ya tsallake wannan bai taɓa wurin ciwo ba.

Imamu Nawawi, a babin tuba na littafin Riyadus Salihin, ya kawo sharuɗɗan da muka sani tun muna Islamiyya: barin laifin, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan kuma laifin ya shafi haƙƙin mutum, akwai na huɗu, wato a kuɓuta daga haƙƙin mai shi: dukiya a mayar, mutunci a nemi yafiyarsa. Wannan na huɗun shi ne aikinka kafin jawabi, kuma yana cin kwana ɗaya ko biyu.

Ka fara da mai kamfani. Ka gaya masa cewa Baba ya auna, ya yi gargaɗi, kai ne ka ba da umarnin saukewa. Wannan mataki shi ne mafi nauyi, domin yana iya taɓa kujerarka. Amma wanda ya nemi gafarar na ƙasa alhali na sama yana nan da labarin ƙarya a kansu bai gyara komai ba, ya lallashe su ne kawai su yi shiru. A wannan zaman ne kuma za ka samo amincewa a kan duk abin da za ka yi alkawarinsa: mayar da alawus, biyan aikin dare ukun nan, cire takardar tuhuma daga fayil ɗin Baba. Kada ka faɗi ko sisin kwabo a gaban jama'a sai akanta ya tabbatar maka ranar da zai fita. Idan kuma abin da ka yanke daga albashi ne kai tsaye, ka sani Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 5, ta hana yanke albashi da sunan tara, kuma ba ta yarda a cire kuɗin asara ba sai ma'aikacin ne ya jawo ta da gangan ko da sakaci, kuma da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. To mayar da irin wannan kuɗi ba alheri ba ne da za ka jira godiya a kansa.

Daga nan sai Baba, shi kaɗai. Ka je inda yake, kada ka aika a kira shi ofis. Ka ba shi haƙuri a keɓe, sannan ka nemi izininsa kafin ka ambace shi gaban jama'a. Wani dattijon zai so a wanke shi a inda aka ɓata shi. Wani kuma zai ga ambatonsa ya zama tonon miki, sai ya ce a bar sunansa. Zaɓin nasa ne.

Sai rubutu. Ka rubuta jawabin, ko da kai mai baki ne. In ce ma musamman idan kai mai baki ne. A ƙissar Ka'abu bin Malik, sahabin da bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira, shi da kansa ya faɗa cewa an ba shi iya magana, zai iya kuɓutar da kansa da uzuri, amma ya zaɓi ya ce ba shi da uzuri. Mai iya magana idan ya tsaya gaban mutane ba shiri, harshensa da kansa yake nemo masa mafita: jimlar da ta fara da amsa laifi sai ta ƙare da tsadar man dizal da matsin masu kamfani. Takarda ita ce linzamin.

Rubutun kunne kuwa daban yake da na ido. Mai karatu yana iya komawa baya, mai saurare ba ya iyawa. Don haka kowace jimla ta ɗauki magana ɗaya, kuma ta zama wadda za ka iya faɗa da numfashi ɗaya. Adadi kada ya yi yawa, biyu ko uku sun isa. Kalmomin takardar ofis, irin su "hukumar gudanarwa tana mai baƙin cikin sanar da ku", ka bar su a ofis. Idan ka gama, ka karanta da ƙarfi a ɗaki kai kaɗai. Duk inda harshenka ya sarƙe, ko ka ji ba haka kake magana da mutane ba, ka sake shi. Ga yadda jawabin wannan manaja zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Baba, 'yan'uwa, na gode da kuka tsaya. Ba zan ci muku lokaci ba.

Na tara ku ne a kan shansherar da ta lalace a sito. Laifina ne. Ranar da motocin nan suka iso, Baba ya auna danshi, ya samu goma sha tara. Ya ce mini kada a sauke. Na ji shi sarai, na ƙi. Ni na ce a sauke, ni na ce a jera. Tsoron tashin farashi ne ya sa ni, kuma wannan ba hujja ba ce.

Wannan ɗaya. Na biyu ya fi shi muni. Da kayan suka lalace, na tsaya a nan wurin na ɗaga wa Baba murya a gabanku. Na ɗora masa laifin da na san ba nasa ba ne. Baba, ka yi aikinka daidai, ni ne ban yi nawa ba. Na ci mutuncinka, na zalunce ka. A gaban mutanen nan na yi, shi ya sa a gabansu nake ba ka haƙuri.

Ku kuma kun kwana uku kuna kwashe kaya kuna shanya, ba ku koma gida ba. Maimakon in gode muku, sai na soke alawus ɗinku. Na san akwai wanda ya yi lissafin kuɗin makaranta da shi, akwai mai haya, akwai mai mara lafiya a gida. Ban kyauta muku ba.

Ga abin da aka riga aka yi. Na faɗa wa mai kamfani gaskiyar yadda aka yi, ya san umarnina ne. An cire takardar tuhuma daga fayil ɗin Baba, tana hannunsa. Alawus ɗinku da kuɗin aikin dare uku za su shiga ranar Alhamis. Wanda bai ga nasa ba ya same ni kai tsaye.

Daga yau, duk motar da danshinta ya wuce goma sha huɗu ba za a jera ta a sito ba sai an busar. Idan mai sito ya ce a'a, to a'a ce, ko ni na ce a sauke. An rubuta, mai kamfani ya sa hannu, za a liƙa a ƙofar sito.

Ina neman ku yafe mini, amma ba na neman amsa yanzu. Wanda ransa yake ɓace yana da gaskiya. Mai magana ya faɗa a nan ko ya same ni daga baya, ba abin da zai same shi a kan haka. Na gama."

Ku duba farkonsa. Kafin numfashi na uku ya riga ya ce laifinsa ne. Mutanen da aka tara ba zato suna tsaye ne da fargaba, wasu suna zaton sallama za a yi, wasu suna jiran wani sabon faɗa. Duk daƙiƙar da ka ɓata kana yabon ƙwazonsu da tarihin kamfani, fargabar ƙaruwa take. Kuma ya ce "na ƙi", "na ce a sauke", "na zalunce ka". Harshenmu yana da wata ƙofar gudu mai sauƙi, wato "an yi kuskure", "an samu matsala", "a yi haƙuri". Wa ya yi? Babu. Haka nan "mun yi kuskure" a wannan wuri zalunci ne sabo, domin ya raba laifin da mutanen da suka yi gargaɗi aka ƙi ji.

Dalili kuwa jimla ɗaya aka ba shi, kuma aka rufe shi nan take. Mutane suna da haƙƙin sanin abin da ya sa ka yi abin da ka yi, don kada su zaci da wata manufa ka yi. Sai dai dalili idan ya wuce jimla biyu ya rikiɗe ya zama kariya. Alamar da za ka gane haka a takardarka ita ce kalmar "amma" bayan amsa laifi. Duk inda ka ga "na yi kuskure, amma", ka soke abin da ya biyo baya.

Akwai kuma abin da ba ya cikin jawabin ko kaɗan, kuma na san zai zo bakin kowannenmu: "haka Allah ya ƙaddara." Gaskiya ce, ba Musulmin da yake musunta. Amma malamai sun bambance: ana jingina da ƙaddara wajen haƙuri da musiba, ba a kafa hujja da ita a kan laifin da mutum ya aikata da zaɓinsa. Idan Baba ne ya faɗe ta, ya faɗe ta ne don ya sanyaya zuciyarsa da taka, kuma karamci ne daga gare shi. Idan kai ka riga shi, ka toshe masa baki ne da abin da ba zai iya jayayya da shi ba. Ka bar masa ita.

Wani zai ce me ya sa neman yafiya ya zo a ƙarshe, kuma a gajarce? A shekarar 2016 Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa biyu sun gwada sassa shida na ban haƙuri a kan mutum 755: nuna baƙin ciki, bayanin abin da ya faru, ɗaukar alhaki, nuna tuba, tayin gyara, da roƙon yafiya. Ɗaukar alhaki ya fi kowanne tasiri, tayin gyara ya biyo baya, roƙon yafiya ya zo na ƙarshe. A wurinmu ba za a bar roƙon yafiya ba, domin haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai ya yafe. Abin da nake hana ku shi ne ku mai da shi tambaya a taro. Manajan da ya ce "kun yafe mini?" ya tsaya yana kallon fuskoki, ya karɓi yafiyar dole ne. Kowa zai amsa da baki ɗaya, shi ya tafi da sauƙin zuciya, su kuma su koma bakin aiki da nauyi biyu, na laifin da aka yi musu da na yafiyar da ba ta kai zuci ba.

Wurin da za a faɗa shi ma magana ne. Inda aka ci mutuncin Baba, nan za a tsaya, a bakin sito, kai a tsaye a ƙasa ɗaya da kowa, ba teburi a tsakaninku. Farkon aiki ya fi ƙarshensa, domin a ƙarshe hankalin kowa yana kan abin hawa. Ka riƙe takardar a hannu, ba abin kunya ba ne, amma jimlolin da ka fuskanci Baba da su ka haddace su, ka dube shi ka faɗa, da ladabin da ƙarami yake wa babba. Matsayinka na ofis bai goge furfurarsa ba. Bayan "na zalunce ka", ka yi shiru kaɗan. Shirun zai yi maka tsawo, za ka ji kamar ka cike shi da wasa ko murmushi. Kada ka cike.

Idan muryarka ta karye fa? Ba laifi, matuƙar hawayen ba su juyar da taron ya koma lallashinka ba. A ranar 24 ga Nuwamba, 1997, kamfanin hada-hadar hannun jari na Yamaichi a Japan, mai shekara ɗari da kafuwa, ya sanar da rufewa bayan an gano ɓoyayyar asara ta kimanin yen biliyan 260. Shugabansa, Shohei Nozawa, wata uku kacal ya yi a kujerar. Ya fashe da kuka gaban 'yan jarida, kuma abin da yake faɗa cikin kukan shi ne laifin shugabanni ne, ma'aikata ba su da laifi, yana roƙon a taimaka su samu wani aikin. Har yau ana tuna wannan rana a Japan. Ku lura da inda kukan nasa ya fuskanta: wanke ma'aikatansa da neman musu abinci. Da a kan rashin barcinsa da zubewar sunansa ya yi ta magana, da ba wanda zai riƙe shi da daraja. Shi ya sa a jawabin da na kawo babu inda manaja ya faɗi irin damuwar da ya shiga. Wannan na iyalinsa ne da aminansa.

Idan ka ce ka gama, ka tsaya ka saurara. Mai yiwuwa ba wanda zai ce uffan, wannan ba alamar nasara ba ce, ba kuma ta faɗuwa ba. Mai yiwuwa kuma wani matashi ya ɗaga murya ya ce ai ba yau ka fara ba, ya tuno maka wani abin bara. A nan ne za a gane ko da gaske kake. Ka ce ka ji, ka gode masa, idan akwai gyara ka ce za ka duba ka dawo masa da amsa a rana kaza. Sauran duk suna kallon abin da zai sami wannan yaro a makonni masu zuwa. Idan aka sauya masa wurin aiki ko aka hana shi hutu, ko da da wani dalili ne na daban, to alkawarinka na cewa ba abin da zai sami mai magana ya mutu, kuma ba wanda zai sake gaya maka cewa kaya suna da danshi.

Kada ka manta da waɗanda ba sa wurin. Masu aikin dare su ma sun kwashi kaya, ka dawo bayan isha'i ka maimaita musu jawabin da bakinka, kalma da kalma, kada su ji shi a bakin wasu an rage an ƙara. Masu dako da ake biya kullum, waɗanda sunansu ba ya cikin takardar albashi, su ne aka fi mantawa wajen biyan aikin dare, don haka ka karɓi sunayensu daga shugabansu ka miƙa wa akanta da hannunka. Ranar Alhamis kuma kafin a tashi ka zagaya ka tambayi mutum biyar ko shida ko kuɗi ya shiga. Idan banki ya yi jinkiri, kai za ka riga su faɗa tun da safe, tare da sabuwar rana, kuma ka nuna wa wakilinsu takardar shaidar an tura.